Allon hanya a hoto: yaya za a faɗe shi da Larabci a kalma ɗaya ko biyu?

Malama Mai Aji Uku:
Assalamu alaikum malamaina da 'yan'uwa. Ina neman taimako kan wani darasi da ya cije mini. Ina koyar da Larabci a Islamiyya, kuma wannan zangon mun shiga fi'ilin umarni da hani. Yara sun haddace misalan littafi, su "zauna" da "buɗe ƙofa", amma da an fita daga shafin sai su tsaya cak. Shi ne na tara hotunan alluna, wasu na ɗauka da kaina a unguwa, wasu ƙanina da ke aiki a Saudiyya ya turo mini, na ce kowa ya rubuta abin da allon ke cewa da Larabci.

Huɗu ne suka fi ba mu wahala. Akwai jan allo mai kusurwa takwas da aka rubuta STOP. Akwai zagayayye mai shuɗin ciki da jan baki, da jan layi ɗaya a karkace. Akwai mai kusurwa uku da hoton raƙumi a ciki. Sai wanda ke jikin shingen taransifomar layinmu, mai alamar walƙiya da ƙoƙon kai.

A na farko yawancinsu sun rubuta يجب عليك أن تقف هنا. Babu kuskure a nahawu, amma kafin direba ya gama karantawa ya riga ya shige mahaɗar. A na biyu ni da kaina na rubuta musu لا تقف سيارتك هنا, kuma tun da na dawo gida zuciyata ba ta kwanta da shi ba. Don Allah a gyara mini kafin Asabar.

Almajirin Zaure:
Wa alaikumus salam Malama. Na farko ai mai sauƙi ne, قف kawai, harafi biyu. Daga وقف يقف yake. Wawun ya riga ya faɗi tun a mudari'i, to da aka cire harafin mudara'a aka ɗaure ƙarshe sai ƙif ya rage.

Na biyun kuwa, ki yi haƙuri, akwai kuskure. وقف mutum ne ya tsaya da kansa, ba ya ɗaukar maf'uli. In mota za a tsayar sai a ce أوقف, don haka لا توقف سيارتك ya kamata.

Direban Jidda:
Salamu alaikum. Ni ba malami ba ne, tuƙi nake yi a nan shekara da shekaru, don haka abin da idona ke gani zan faɗa. Jan nan mai kusurwa takwas قف ne a jikinsa, sau da yawa da STOP tare da shi. Wannan babu gardama.

Shuɗin nan kuma, ban taɓa ganin an rubuta doguwar magana a kansa ba. Abin da aka koya mana a makarantar tuƙi shi ne, in layi ɗaya ne a karkace ممنوع الانتظار, wato kana iya tsayawa ka sauke mutum ka wuce, amma ba za ka ajiye mota ka tafi ba. In layi biyu ne sun gicciya, to ممنوع الوقوف والانتظار, ko sauke fasinja ba a yarda ba. Na taɓa cin tara a kan wannan bambancin a farkon zuwana. Na tsaya a gaban mai gicciye don wata tsohuwa ta sauka da kayanta, ban ko kashe mota ba, a zatona ai ba fakin na yi ba. Kuɗin da na biya ya ci aikin kwanaki. Tun daga ranar layukan nake fara ƙirgawa kafin in taka birki.

Tsohon Ɗalibin Madina:
Malama sannu da ƙoƙari, wannan hanyar koyarwa ce mai kyau. Bari in fara da gyaran da ɗan'uwana Almajiri ya yi. Rabin maganarsa daidai ne. A Larabcin yau, wanda ake rubutawa a jarida da takardun hukuma, أوقف ake cewa in za a tsayar da abu. Amma ba gaskiya ba ne cewa وقف ba ya ɗaukar maf'uli. Duba Suratus Saffat aya ta 24: وقفوهم إنهم مسئولون, "ku tsayar da su". Ga maf'uli nan a manne. Saboda haka jimlar Malama ba lahani ba ce, tsohon Larabci ne ingantacce. Matsalarta ita ce Balaraben yau zai yi tuntuɓe a kanta, shi kuwa allo ba a son mai karatu ya yi tuntuɓe ko na daƙiƙa ɗaya.

Shawarar da zan ba ki ita ce, kafin yaro ya ɗauki alƙalami, ya fara duba surar allon. Ita ce ke gaya masa irin jimlar da zai gina. Zagayayye mai jan baki hani ne, to ممنوع da masdari a bayansa. Zagayayye shuɗi zalla, mai farar kibiya, umarni ne, to fi'ilin umarni: الزم اليمين, riƙe dama. Mai kusurwa uku da tsininsa a sama gargaɗi ne, ba ya hana ka komai, gaya maka yake yi abin da ke gabanka. Wannan rabon ya zo ne daga yarjejeniyar alamomin hanya da aka yi a Biyana a 1968, kuma ƙasashe da yawa, har da na Larabawa, a kan tsarin suke. In yara suka riƙe wannan, rabin kuskurensu ya tafi tun ba a zo maganar irabi ba.

Almajirin Zaure:
Allah ya gafarta Malam, na karɓi gyara. Ayar kuwa ina karanta ta kullum, ban taɓa haɗa ta da wannan ba.

Amma a kan ممنوع ina da magana. Darasin Malama fa hani ne, kuma hani a Larabci da لا ake yin sa, ta yi wa fi'ili jazmi: لا تقف، لا تدخل، لا تدخن. Wannan shi ne fasaha. ممنوع الدخول ai ba hani ba ne, labari ne, mubtada'i da habari. A ganina salon 'yan boko ne ya shigo. In ma ana son tsoratarwa ga إياك nan, babin tahziri guda.

Baba Mai Fenti:
Salamu alaikum jama'a. Ni rubutun allo ne sana'ata, shekara fiye da talatin, na shaguna da makarantu da bayan mota. Malama, in don mutanenmu ne ki bar wahalar da kanki. Ki rubuta "Tsaya" da ajami, "A kula" da ajami. Tsofaffinmu da ba su yi boko ba nan take za su karanta. Na sha rubuta "Ba a fitsari a nan" da ajami a katangar masallaci, kuma ya yi aiki fiye da na boko.

Malama Mai Aji Uku:
Baba na gode, Allah ya ƙara girma. Sai dai ba ajami nake nufi ba, shi ai Hausa ce da haruffan Larabci. Harshen Larabcin kansa nake koya wa yaran, ba kuma kafa allunan za mu yi a titi ba, a aji ne. Amma kada ka tafi Baba, akwai abin da zan tambaye ka idan mun zo kan taransifoma.

Malam na Madina, maganar Almajiri ta taɓa ni, don ni ma abin da ya sa na guje wa ممنوع ke nan. Na ji kamar in na ba su shi na fita daga darasin.

Tsohon Ɗalibin Madina:
Ba ki fita ba Malama. Gaskiya ne a lafazi labari ne, amma a ma'ana hani ne, kuma labari ya zo da ma'anar umarni ko hani abu ne sananne a balaga, ba 'yan boko suka kawo shi ba.

Ga dalilin da ya sa masu alluna suka fi son sa. In kika ce لا تدخل, da namiji ɗaya kike magana. Mace لا تدخلي, jama'a لا تدخلوا. Shi kuwa ممنوع الدخول bai ware kowa ba, doka ce a kan wurin, duk wanda ya zo ta hau kansa. Sannan ido yana kama kalmar farko daga nesa. Mutum ya hango ممنوع ya riga ya san an hana wani abu, saura ya ga mene ne. Shi ya sa ake gabatar da ita, ba a cika rubuta الدخول ممنوع ba, ko da yake shi ma daidai ne.

Wannan ba ya nufin لا ba ta da wuri. Inda haɗarin ke kan jikin mutum a wannan lokacin, kuma shi kaɗai ne a tsaye gaban abin, لا تلمس ya fi shiga jiki, kamar an riƙe masa hannu. To ki ba su duka biyun, ki sa su faɗi wanne ya dace da wane hoto. Wannan ma darasi ne. Amma إياك والوقوف, ɗan'uwa, ka bar shi a huɗuba da wa'azi. Yana da kyau a kunne, sai dai ba yaren allo ba ne.

Wanda ya zo da sigar umarni kuwa, kamar قف, da sigar namiji ɗaya ake barin sa, ko da mata na tuƙi. Kada yarinya ta gyara shi zuwa قفي don ita mace ce.

Ɗan Maiwurno:
Ina gaisuwa daga ɗan'uwanku Bahaushen Sudan. Ƙarin bayani kaɗan: a bakinmu ba ma cewa ƙif. In kana son mai mota ya tsaya "agif" za ka ce, أقيف. Amma allo قف yake ɗauka, ba a rubuta yaren kasuwa a kansa. Don haka yaranki in suka koyi wannan, duk ƙasar Larabawan da suka ga an rubuta da Larabci za su gane shi.

Inda ƙasashe suka rabu shi ne wurin fakin ɗin nan da Alhaji Direban Jidda ya faɗa. A Masar انتظار suke ce wa ajiye mota. Mu da yawa ممنوع الوقوف muka sani, kuma fakin muke nufi da shi. Ni a ganina ki ba yara ممنوع الوقوف ki huta.

Direban Jidda:
Nan ma haka ne a ƙofar gidaje da gareji, mutum ya sa a rubuta masa ممنوع الوقوف yana nufin kada ka toshe masa ƙofa. Amma in Malama ta ba su shi a kan mai layi ɗaya, me za su ce in sun ga mai gicciye? Nan fa tarata ta fito.

Ɗan Maiwurno:
Sai a ƙara masa قطعيا, Alhaji. Ai ana rubuta ممنوع الوقوف قطعيا, kowa ya san ko tsayawar minti ɗaya ba a so.

Direban Jidda:
Ana rubutawa, na gani. Amma ni dai na fi natsuwa da na makarantar tuƙi, don shi ake tambaya a jarrabawa.

Malama Mai Aji Uku:
To wannan zan rubuta musu duka biyun, in ce ga na littafin tuƙin Saudiyya, ga na bakin jama'a. Mu zo kan raƙumi, don nan ne aka fi yin ɓarna. Wani yaro ya rubuta لا تضرب الجمل. Wata ta rubuta انتبه الجمل. Ni kuma a raina قف للجمل na shirya ba su a matsayin amsa.

Direban Jidda:
A'a Malama, kada ki ce ƙif. In direba ya tsaya cak a babbar hanya duk inda ya ga hoton raƙumi, na bayansa ne zai kashe shi. Allon ba ya cewa ga raƙumi a tsaye yanzu. Cewa yake wannan yankin raƙuma na ƙetarawa, ka buɗe ido. Wani lokaci ka yi tafiya mai nisa bayan allon ba ka ga ko ɗaya ba.

Kuma abin ba wasa ba ne. Raƙumi ƙafafunsa dogaye ne, in ƙaramar mota ta buge shi ƙafafun take sharewa, gangar jikin ta faɗo kan gilashin gaba da rufin mota, daidai inda mutane suke zaune. Da dare kuma launinsa ya saje da hanya. Na taɓa hango wasu uku a gefen kwalta bayan isha, ba don na riga na sassauta tun daga allon ba da ban san yadda za ta ƙare ba.

Tsohon Ɗalibin Madina:
Alhaji ya gama maganar. Wannan shi ne babban kuskuren da ake yi, a mai da gargaɗi umarni. Mai kusurwa uku abu biyu kawai yake buƙata: kalmar farkarwa, da sunan abin da ke gaba.

Yarinyar da ta rubuta انتبه الجمل ta fi kowa kusa, ki yaba mata. Abin da ya rage mata shi ne انتبه ba ya hawa kan suna kai tsaye, sai da lamun: انتبه للجمل. Shi kuwa احذر yana hawa: احذر الجمل. Masu alluna sukan kauce wa wannan da ɗigo biyu ko da sauka layi, su sa انتبه a sama, abin a ƙasa, kowanne ya tsaya da kansa.

Sai wani tarko. Raƙuman ba ɗaya ba ne, to za a so jam'i, جمال. Allo kuwa ba a yi masa wasali. In kika rubuta احذر الجمال, ana iya karanta shi jimal, raƙuma, ana iya karanta shi jamal, kyau. A hanya hoton yana warware shi, shi ya sa za ki ga معبر جمال kuma babu wanda ya ruɗe. Amma a takardar yaro da babu hoto, na fi son إبل, wadda ba ta da karatu biyu a nan: انتبه: معبر إبل. Kalma uku, an gama.

Almajirin Zaure:
Malam, to ina umarnin? Malama fa umarni ta ce. Ni da zan ƙara خفف السرعة a ƙarshe, don gargaɗin da bai gaya wa mutum abin da zai yi ba ai bai cika ba.

Tsohon Ɗalibin Madina:
انتبه ɗin ai umarni ne. Ƙara خفف السرعة ba laifi ba ne, ana haɗa su a hanya, musamman gaban makaranta ko tudun rage gudu. Abin da nake tsoro shi ne yaro ya saba zuba wa allo abin da bai faɗa ba. Hoton raƙumi ne kawai a ciki. In an tambaye shi me allon ya ce, ya faɗi abin da ya ce. In an tambaye shi me direba zai yi, wannan tambaya ce ta biyu.

Direban Jidda:
A nan kam ina bayan Almajiri. Duk direban da ya ga allon bai ɗaga ƙafa daga totur ba, bai karanta shi ba.

Hajiya Mai Bita:
Sannunku da muhawara. Ni bitar maniyyata mata nake yi, kuma ina bin zancen nan tun ɗazu ina kwafa a littafina, don allunan nan su ne ke ruɗa mana tsofaffi a Makka da Madina. Tambayata, a masauki da asibiti ba na cika ganin ممنوع ɗin nan shi kaɗai ba. Sai in ga الرجاء عدم الجلوس ko يرجى عدم kaza. Wata baiwar Allah a tawagarmu da ta yi makarantar allo ta ce mini ai wannan roƙo ne, in ka ga dama ka bi. Haka ne?

Sannan Malama, in akwai allon gudu a hotunanki ki kula da lambobi. Matanmu suna ganin ٥ su ce sifiri ne, su ga ٦ su ce bakwai. Lambar ɗaki da ta bas ma haka muke fama.

Ɗan Maiwurno:
Hajiya, hani ne, an dai sa masa riga. Kamar ki ce wa baƙo "don Allah a daina zama a nan". Ba zaɓi kika ba shi ba. A cikin gini, inda ake karɓar baƙi kuma mutum na tsaye yana da lokacin karatu, sai a tausasa. A titi babu wannan lokacin. Ba za ki ga an rubuta الرجاء الوقوف a mahaɗa ba.

Malama Mai Aji Uku:
Hajiya kin tuna mini, akwai ɗaya mai ٨٠ a cikin jan zagaye, na ajiye shi don mako na gaba. السرعة القصوى ٨٠ na shirya, ina fata daidai ne.

Yanzu taransifoma. Abin da mafi ƙoƙarin ajin ya rubuta shi ne هذا المكان خطير جدا فلا تلمس الكهرباء. Baba Mai Fenti, ga tambayata: in kai aka ba wa faranti ɗan ƙarami irin na jikin shingen nan, kalma nawa yake ɗauka a karanta daga nesa?

Baba Mai Fenti:
Yawwa 'yata, yanzu kin zo gidana. Farantin da bai wuce kamu biyu ba, layi uku ne iyakarsa, kuma ba a yi musu girma ɗaya. Na sama shi ne babba, da ja, kalma ɗaya tak. Na tsakiya ya faɗi abin da ke wurin. Na ƙasa ya faɗi abin da za ka yi. In ka cusa jimla guda doguwa, dole haruffa su ƙanƙance, sai mutum ya matso kafin ya karanta. A jikin taransifoma kuwa matsowar ce ba a so. Rubutun Larabci ma ya fi son fili, don ɗigo. In fenti ya zuba ɗigo biyu suka haɗe, ko rana ta cinye ɗaya, ƙafun ya koma wani harafi.

Tsohon Ɗalibin Madina:
Baba ya ba mu tsarin da babu a littafin nahawu. Mu bi shi layi layi. Na sama خطر. Ba خطير ba, don wannan sifa ce mai neman abin da za ta siffanta, shi kuwa خطر suna ne, yana tsayawa shi kaɗai kamar ihu. Na tsakiya جهد عال, wasu ƙasashen su ce ضغط عال. Na ƙasa لا تقترب.

Na zaɓi لا تقترب a kan لا تلمس da gangan. Wayar da ke shiga taransifomar unguwa a Najeriya tana ɗauke da bolt 11,000 ne ko 33,000, kuma wuta mai wannan ƙarfi tana iya tsallakowa ta kama mutum in ya matso sosai, ko bai taɓa ba. In kika ce kada ka taɓa, kin ba yaro izinin ya tsaya dab da ita. لا تلمس na jikin akwatin mita ne da soket. Ga wurin da لا ta fi ممنوع dacewa, ɗan'uwa Almajiri, ko da yake ممنوع الاقتراب ma ana rubutawa.

السرعة القصوى ٨٠ daidai ne Malama. Sai dai ki nuna musu cewa in lambar na cikin shuɗin zagaye ne, ma'anar ta juye, mafi ƙarancin gudu ke nan.

Almajirin Zaure:
Madalla da Malam ya rubuta عال babu ya'u. A hotuna da yawa عالي nake gani, kuma kuskure ne, manƙusi ne babu alif da lam, ya'unsa faɗuwa yake yi. Haka لا ترمي النفايات da ke ko'ina, alhali jazmi ya cire ya'un, لا ترم ne. Haka إنتبه da إحذر da hamza a ƙarƙashi. Abin yana ci mini rai.

Malama Mai Aji Uku:
Hamzar nan ita ce ciwon ajina. Rabin yaran sun sa ta a انتبه, kuma da na hana, sai suka cire ta a أطفئ المحرك na gidan mai. Akwai hanya mai sauƙi?

Almajirin Zaure:
Akwai wadda malaminmu ya koya mana a zaure. A sa wawu a gaban kalmar a furta. Za ki ji kin ce wantabih, wahzar, walzam, alifin ya ɓace a baki, to ba a rubuta masa hamza. Amma wa'aɗfi, wa'afsih, wa'agliƙ, hamzar na nan daram, to a rubuta ta a sama. Sai dai dabarar tana aiki ne ga wanda kunnensa ya saba. Wanda bai saba ba ya koma madi: in harafi huɗu ne da hamza a farko, kamar أطفأ da أفسح, umarninsa na da hamza. Sauran babu.

Tsohon Ɗalibin Madina:
Wannan daidai ne ƙwarai. A kan عالي kuwa ina tare da kai a takardar jarrabawa, amma ka sani masu rubuta shi da ya'u ba duka jahilci ba ne, wasu tsoro suke kada mai karatu ya kasa gane عال babu wasali. In ana son a tsira daga duka biyun sai a sa alif da lam, خطر الجهد العالي, ya'un ya dawo da haƙƙinsa.

Almajirin Zaure:
To saura ɗaya Malam, tunda an karɓi ممنوع. Ina ganin ممنوع السباحة a bakin ruwa. In habari ne da aka gabatar, ai dole ya dace da mubtada'insa, ممنوعة ke nan. Wannan kam lahani ne.

Tsohon Ɗalibin Madina:
In ka yi masa irabin habari, maganarka ce. Amma akwai wata ƙofa. Ana iya ɗaukar ممنوع a matsayin mubtada'i, السباحة ta zama na'ibin fa'ili da ya tsaya a madadin habari, kuma tunda ta'anisinta ba na haƙiƙa ba ne, barin ta'un ya halatta. Mutanen Basra sun sharɗanta sai an gabatar da nafyi ko tambaya kafin a yi haka, amma mutanen Kufa da Ahfash ba su sharɗanta ba, kuma Ibnu Malik ya yi nuni da halaccinsa a Alfiyya, inda ya kawo misalin فائز أولو الرشد.

Almajirin Zaure:
Na san baitin Malam, amma وقد يجوز ya ce, wato kaɗan ne. Ba zan gina wa yara ƙa'ida a kan kaɗan ba. Ni السباحة ممنوعة zan koyar, ko تمنع السباحة.

Ɗan Maiwurno:
Ka koyar da hakan, amma ka gaya musu abin da za su tarar a bakin kogi, don kada su zaci allon ba da su yake ba. Mu nan ممنوع ta zama kamar hatimi, ba a canza ta ko me ya biyo baya.

Malama Mai Aji Uku:
Wannan na bar muku shi, yarana ba su kai Alfiyya ba, kuma cikin hotunana babu masdari mai ta'u bayan ممنوع. Ga abin da na rubuta a littafin shiri. Jan mai kusurwa takwas, قف. Shuɗi mai layi ɗaya, ممنوع الانتظار, da bayanin cewa jama'a na cewa ممنوع الوقوف. Raƙumi, انتبه: معبر إبل, kuma zan yi musu tambaya ta biyun daban, me direba zai yi. Taransifoma layi uku yadda Baba ya tsara, zan ma sa su zana shi a kwali da jan alli a sama.

Akwai wani hoton da ƙanina ya turo yanzu, mai kusurwa uku ne amma tsininsa a ƙasa yake, fari da jan baki, babu komai a ciki. Wannan gargaɗi ne shi ma?

Direban Jidda:
A'a Malama, wannan ya fita daban, umarni ne. A bakin shataletale za ki fi ganin sa, da inda ƙaramar hanya ke shiga babba. Ka bar na kan hanya ya wuce, in babu kowa ka shige ba sai ka tsaya ba. A Dubai أفسح الطريق suke rubutawa a cikinsa.

Almajirin Zaure:
Da hamza a sama, Malama. Wa'afsih.